Ranar da hedimasta ya ce a sauya yadda ake shirya darasi

Duk wanda ya taɓa shiga ofishin hedimastan firamare da safiyar Litinin ya san tulin littattafan nan masu kauri da ke kan tebur. Su ne lesin not, inda kowane malami ke rubuta darussan da zai koyar a makon. Tsarin rubutun ɗaya ne tun daga kwalejin ilimi: suna da aji da kwanan wata, manufar darasi, kayan koyarwa, abin da yara suka riga suka sani, gabatarwa, mataki na ɗaya zuwa na uku, auna fahimta, sannan aikin gida. Hedimasta ya duba, ya sa hannu da jan biro, a mayar wa mai shi. In jami'in duba makarantu ya zo daga ofishin ilimi na ƙaramar hukuma ko daga SUBEB, wannan littafi na cikin abubuwan da zai fara tambaya.

Tsarin ba shi da laifi a kan takarda. Matsalar ita ce a makarantu da yawa littafin ya rabu da ajin. Malami zai kwafe na bara ya sauya kwanan wata, ko ya ari na abokin aikinsa, ko ya zauna daren Lahadi ya cika shafi bayan shafi don kada a ce bai kawo ba. Da ya shiga aji kuwa sai ya ajiye littafin a kan taga, ya juya wa yara baya yana cika allo da rubutu, su kuma suna kwafa. Hedimastan da ya gane haka, ya kuma ƙudura cewa makarantarsa gaba ɗaya za ta koma wata hanya guda ta shirya darasi, dole wata rana ya tsaya gaban malamansa ya faɗa musu. Wannan jawabi na minti goma sha biyar ko ashirin yana da wuya fiye da yadda ake zato, kuma a ganina abin da ke sa ya karɓu ba iya magana ba ne. Abu uku ne malamai ke kasa kunne su ji: me za a sauke musu, yaushe za su yi sabon aikin, kuma shi mai maganar zai yi ko kuwa umarni kawai ya zo bayarwa.

Kafin a zargi malamai da taurin kai, ya kamata a san inda shakkarsu ta samo asali. Malamin da ya shekara ashirin a aji a arewacin Najeriya ya ga shirye-shirye sun zo sun wuce. Ya ga ESSPIN, wanda gwamnatin Birtaniya ta ɗauki nauyinsa daga 2008 zuwa 2017 a jihohi shida, ciki har da Kano da Jigawa da Kaduna, aka raba wa malamai littattafan darussan karatu da lissafi da aka riga aka tsara. In a Bauci ko Sakkwato yake, ya ga Mu Karanta, shirin koyar da karatu da Hausa a azuzuwan farko na firamare, da jagoran malami mai nuna abin da za a yi daki-daki. Waɗannan ayyuka sun koya wa malamai da dama abubuwa masu amfani. Amma kowane shiri yana da wa'adi, kuma malami ya koyi cewa sabon tsari yakan zo da ƙarfi, ya ƙara masa takardu, sannan ya lafa. Ga aji mai yara tamanin ko ɗari, alhali manufar ilimi ta ƙasa malami ɗaya ta tanadar wa yara 35 a firamare. Ga albashin da ba ya kai wata. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Hedimastan da ya buɗe baki da cewa malamai ba sa son aiki ya rufe kunnuwansu tun a jimlar farko, kuma bai ma faɗi gaskiya ba.

Bari mu kwatanta da makaranta guda, wadda za a iya samun irinta a kowace unguwa: kowane aji ya kasu uku, A da B da C, darasi minti 35 ne, malamin aji yana da darussa kusan 30 a mako. Hedimasta ya tara malamai a makon farko na zangon karatu. Bayan sallama da addu'a da gaisuwa, inda ya fi dacewa ya fara shi ne lissafin wahalarsu.

«Malamai, na zauna na yi lissafi. In kowannenku zai rubuta lesin not yadda aka koya mana, darasi ɗaya ba zai gaza cin minti ashirin ba. Darasi talatin a mako, awa goma ke nan, ban da koyarwa, ban da duba aikin yara, ban da rajista. Babu wanda ke da wannan awa goman a cikinmu. Shi ya sa ake kwafa. Ni ma na san ana kwafa, kuma ina sa hannu.»

Wannan jimla ta ƙarshe tana da nauyi. Da ita ya nuna musu cewa bai zo da sunan mai kama ɓarawo ba, da shi da su duk suna cikin al'ada ɗaya da ba ta amfanar yaro. Daga nan sai ya faɗi abin da zai sauke, kuma ya faɗe shi kafin abin da zai ɗora. A darussa biyu, lissafi da karatun Hausa, an daina rubuta shafi biyu ko uku. Rabin shafi ya isa. Ba kuma kowa zai rubuta nasa shi kaɗai ba: malaman aji uku su uku za su zauna tare, su raba darussa goma na makon a tsakaninsu, kowa ya ɗauki uku ko huɗu, su karanta wa juna, su gyara, sannan kowa ya shiga ajinsa da tsari ɗaya.

Me ya sa darussa biyu kawai? Domin tsarin da aka shimfiɗa a kan duk darussa rana ɗaya yakan mutu kafin hutun rabin zango. Lissafi da karatu ana yin su kullum, kuma a cikinsu ne aka fi saurin ganin ko yaro ya iya ko bai iya ba.

Sai maganar lokaci, wadda a nan ne hedimastoci da yawa ke faɗuwa. In ya ce a riƙa haɗuwa bayan an tashi, ya manta cewa wannan malama za ta ɗauko yara ta ɗora girki, wancan malam yana da gona ko shago ko darasin Islamiyya da la'asar. Lokacin dole ya fito daga cikin jadawalin makaranta. A misalinmu, hedimasta ya ware darasin ƙarshe na ranar Alhamis, ya ce shi da mataimakinsa da malamin wasanni za su riƙe yara a fili, malaman aji su zauna rukuni-rukuni. Malamin da ya ji hedimasta zai tsaya cikin rana da ɗaruruwan yara don shi ya samu minti 35 na nutsuwa, ya ji abin da ya fi alkawari ƙarfi.

Wannan ba sassauci ne da ya saɓa wa ilimin koyarwa ba. A Ingila, inda yawan takardu ya daɗe yana korar malamai daga aiki, wani kwamiti da ma'aikatar ilimi ta kafa ya fitar da rahoto a 2016 kan nauyin shirya darasi. Ya bambanta tunanin da malami ke yi kan abin da zai koyar da takardar da yake cikawa don a gani, ya ce bai kamata dogon rubutu na kullum ya zama abin da ake tilasta wa malamai a kai a kai ba, ya kuma ƙarfafa shiri na haɗin gwiwa. Tun 2005 doka a can ta ba malami kashi goma cikin ɗari na lokacin koyarwarsa don shiri da duba aiki. Hedimastanmu ba shi da irin wannan doka a bayansa, sai dai ikon da yake da shi a kan jadawalinsa.

To mene ne zai shiga rabin shafin? Tambayoyi huɗu ne. Me nake so yaro ya iya yi da hannunsa ko bakinsa a ƙarshen darasin nan, wanda bai iya ba da safe? Wane misali zan nuna, da ainihin lambobinsa ko kalmominsa? A ina yara suka saba yin kuskure? Da wace tambaya zan gane ko sun iya kafin a kaɗa ƙararrawa? A ƙasa kuma a bar layi biyu babu rubutu, wanda za a cika bayan an fito daga aji.

Bayani da baki ba ya isar malamin da ke shakka. Don haka hedimastan kirki yakan zo da nasa rabin shafin, ya ɗauki alli ya tsaya a allo. A ce darasin lissafin aji uku ne, ɗebewa mai aro, wato irin 52 a cire 27. Ga yadda ya raba minti 35 ɗin. Minti biyar na farko bita ne: 52 goma nawa ne da ɗai-ɗai nawa, kuma in an kwance goma guda ɗai-ɗai nawa za a samu. Minti takwas malam na nunawa da tsinken tsintsiya da aka ɗaure goma-goma: ɗauri biyar da tsinke biyu a hannu, ana so a cire bakwai daga biyu, ba zai yiwu ba, sai a kwance ɗauri ɗaya, tsinke ya zama goma sha biyu, ɗauri ya koma huɗu. Yana yi da tsinke yana rubuta daidai abin a allo, har a kai ga 25. Minti goma malam da yara suna yin misali biyu ko uku tare, yana tambaya suna amsawa, yana kiran na bayan aji da waɗanda ba su ɗaga hannu ba. Minti takwas kowane yaro na yi shi kaɗai a littafinsa, malam na zagayawa. Minti huɗu na ƙarshe tambayar gwaji. Malamai da yawa sun san wannan jeri daga bitocin da suka halarta: malam ya yi, a yi tare, yaro ya yi da kansa.

A nan ne nake so mai karatu ya tsaya, domin a nan amfanin shirin yake. Kuskure biyu ne suka fi yawa a wannan darasi. Wani yaron, da ya ga biyu a sama bakwai a ƙasa, sai ya juya su ya cire ƙaramin daga babban. Wani kuma ya yi aron daidai, amma ya manta ya rage ɗaya daga gidan goma. Waɗannan cututtuka ne daban, maganinsu ma daban: na farko bai fahimci dalilin aro ba sam, sai an koma da shi kan tsinke, na biyu ya fahimta, tuni kawai yake bukata ya soke biyar ya rubuta huɗu. Amma a gwada su da 52 a cire 27. Yaro na farko zai ce bakwai a cire biyu, biyar. Biyar a cire biyu, uku. Ya rubuta 35. Na biyu zai ce goma sha biyu a cire bakwai, biyar. Biyar a cire biyu, uku. Shi ma 35. Amsa ɗaya, kuskure biyu, malam ba zai san wa ke bukatar me ba. In kuwa tambayar gwajin 61 a cire 34 ce, na farko zai kawo 33, na biyu 37, wanda ya iya kuma 27. Da kallo ɗaya malam ya raba ajinsa kashi uku.

Malamin da ya ƙirƙiro lambobi a tsaye gaban allo ba zai lura da wannan ba. Ana gano shi ne in an zauna an yi tunani kafin darasi, kuma an fi saurin gano shi in mutum uku ne suka sa kai. Hedimastan da ya nuna wannan a minti biyar ya amsa tambayar da ke zuciyar kowa, wato me rabin shafin nan zai ba ni wanda ba ni da shi.

Duk da haka za a yi magana, kuma ya kamata a yi. Jawabin da aka gama shi shiru, kowa ya ce «to, Yallaɓai» ya tashi, shi ne abin tsoro. Wanda zai fara yawanci dattijon malami ne da ya girmi hedimastan a shekaru da aiki.

«Yallaɓai, shekara talatin ina koyar da ɗebewa. Yanzu ne za a ba ni takarda a ce ga yadda zan yi?»

Amsar da ta dace ba lallashi ba ce, gaskiya ce. «Allah ya gafarta Malam, ba don kai aka yi takardar ba, daga gare ka za a cika ta. Layin nan na uku, inda yara ke kuskure, Malama da ta zo bara ba ta da abin rubutawa a ciki, kai kuwa yana kanka. In ka yi ritaya da shi a kanka, yaran ajinta ne suka yi asara.» Kuma lallai a bar wa gogaggen malami damar sauya misali ko salon bayani a ajinsa. Abin da aka haɗu a kai shi ne manufa da tambayar gwaji, don a iya kwatanta A da B da C.

Wata malama za ta ce yaranta casa'in ne, ta yaya za ta duba amsar kowa a minti huɗu. Tana da gaskiya, ba za ta iya ba, kuma kada hedimasta ya yi kamar za ta iya. Abin da zai yiwu shi ne yara su rubuta amsar da manyan lambobi su ɗaga littafi sama lokaci ɗaya, ta duba daga gaba zuwa baya. Ko ta karɓi littafi goma, uku daga gaba, uku daga tsakiya, huɗu daga baya, tana sauya waɗanda take karɓa kullum. Barak Rosenshine, masanin ilimi na Jami'ar Illinois a Amurka, wanda ya tattara binciken shekaru kan malaman da ɗalibansu suka fi ci gaba, ya nuna a rubutunsa na 2012 cewa in yara na samun kusan kashi 80 cikin ɗari na amsoshinsu daidai lokacin atisaye, darasin na tafiya yadda ake so. Malama za ta iya aro wannan ma'auni a sauƙaƙe: in takwas cikin littafi goma sun kawo 27, gobe a ci gaba, in biyar ne, gobe a maimaita da sababbin lambobi, ko da manhaja na cewa a wuce. Wannan hukunci shi ake rubutawa a layi biyun da aka bari.

Tambayar da ta fi kowace haɗari ita ce ta jami'in duba makarantu. Malami zai ce, in ya zo ya tarar da rabin shafi maimakon cikakken lesin not, sunan wa zai rubuta? Hedimastan da bai shirya wa wannan ba, tsarinsa ya rushe nan take, domin malamai za su ci gaba da rubuta tsohon don kare kansu, ga kuma sabon, aiki ya ninku. Saboda haka tun kafin taron ya kamata ya je ofishin sakataren ilimi da samfurin takardar, ya nuna cewa manufa da matakai da auna fahimta duk suna ciki, ya samo amincewa. In an ce sai an ƙara kan shafi na aji da kwanan wata da kayan koyarwa, a ƙara, layi biyu ne. In an ƙi gaba ɗaya, ya faɗa wa malamansa gaskiya, a sa tambayoyin huɗun cikin tsohon tsarin, a rage tsawon sauran. A gaban malamai kuma ya ce da bakinsa: «In an yi tambaya, ni zan amsa, ba ku ba.»

Akwai alkawari ɗaya da nake ganin dole ya shiga jawabin, kuma dole a cika shi: layi biyun nan ba za su zama hujjar hukunta kowa ba. Ranar da malama ta rubuta cewa huɗu cikin goma ne suka iya, aka kira ta ofis aka yi mata faɗa, daga ranar kowa zai riƙa rubuta tara cikin goma, takardar ta koma abin da lesin not ya zama. Hanya mafi sauƙi ta tabbatar da alkawarin ita ce hedimasta ya ɗauki aji ɗaya yana koyar da lissafi da kansa, ya zama shi ne farkon karanta nasa sakamakon a zaman Alhamis, har da ranar da bai yi kyau ba.

Bai kamata a yi wa tsarin nan kirarin da ya fi ƙarfinsa ba. Ba zai kawo benci ko littafi ba, ba zai rage yawan yara ba. In malami shi kansa bai fahimci dalilin aro a ɗebewa ba, rabin shafi ba zai koya masa ba, ko da yake zama da abokan aiki biyu kowane mako yakan taimaka ba tare da an kunyata shi ba. A ƙaramar makarantar ƙauye mai malamai huɗu, inda babu A da B, sai dai a haɗa malaman aji ɗaya zuwa uku a rukuni guda, kowa ya kawo nasa a duba masa.

Jawabin ya ƙare da rana takamaimai. Za a gwada mako shida, a sake zama a wannan ɗaki, kuma abin da bai yi aiki ba za a cire shi. A cikin makonnin nan hedimasta na da alamomin da zai duba, waɗanda ba sa bukatar ya tambayi kowa. In layi biyun ƙasa babu komai, ko kullum «darasi ya yi kyau» ne, ba a yin gwajin ƙarshe. In takardun rukuni duk rubutun hannun mutum ɗaya ne, kuma mafi ƙarancin shekaru a cikinsu, an jibga wa sabuwar malama aikin ke nan. In zaman Alhamis ya faɗi sau biyu a jere saboda taro ko baƙi, malamai sun riga sun karanta cewa shi kansa bai ɗauke shi da muhimmanci ba. In kuwa ya buɗe littattafan yara na aji uku A da B da C ya tarar da 61 a cire 34 a rana ɗaya, ya kuma ga wani ajin ya maimaita darasin washegari da wasu lambobi, to a zaman mako na shida zai iya kawo maganar ƙara darasi na uku, ya bar malaman su zaɓi wanne.